Fim ɗin da ya dace da tsofaffin gida

Kawu, ina wuni. Na saya wa Kaka da Malam Tsoho telebijin, amma duk abin da na kunna, kafin a yi nisa Kaka ta fara gyangyaɗi, shi kuma ya ce a kashe kansa na sarawa. Shin a al'ada ya dace jika ya zauna kallo da kakanninsa? In ya dace, wane iri zan zaɓa?

Lafiya lau ɗana, Allah ya yi maka albarka. Zama da su babu laifi. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, kai da take kira mai gidanta ai ka fi kowa damar zama kusa da ita. Inda kunya take shigowa shi ne in mahaifiyarka ko wata suruka tana ɗakin, sai ga saurayi da budurwa suna rera wa juna waƙa a allo. Babu wanda zai ce uffan, amma za ka ga an soma zamewa ɗaya bayan ɗaya, Malam ya jawo tasbaha ya sunkuyar da kai. Saboda haka kada ka kunna masu abin da ba ka kalla kai kaɗai daga farko har ƙarshe ba. Masu tura fim a kati ba sa tacewa, kuma sau da yawa akwai tallar maganin gargajiya a tsakiya, irin wadda ba a ji gaban manya. Rubuta mintin da take farawa da wanda take ƙarewa, ka tsallake ta tun kafin ta buɗe baki.

Abin da ke gajiyar da su wahalar bin labari ce, ta fi tsawon fim ɗin cin ƙarfi. Kunnen tsoho siraran sautuka yake fara rasawa, irin su "s" da "sh" da "ts", shi ya sa yake jin ana magana amma kalmomin ba su fita. In aka shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashin zancen, sai ya riƙa cike giɓin da ka, kuma wannan aikin ne ke sara wa Malam kai. Ƙara murya ba ta magance shi, don kiɗan ma ƙaruwa yake. Ga gwajin da za ka yi: sa muryar daidai yadda ake hira a ɗaki, ka juya wa allon baya na minti 2. In ka gane wa ke magana da abin da ya ce, fim ɗin ya wuce. Fassarar fina-finan Indiya nan take faɗuwa, domin mai fassara yana tseren cimma bakin ɗan wasa, ga tsawo da kan kai awa 3, ga duka da ƙarar bindiga.

Daga nan sai ido. Zaɓi minti 1 a tsakiyar fim ka ƙirga sau nawa hoton ya sauya. Ni a ganina in bai wuce 10 ba ya yi daidai, in ya haura 20 ka ajiye shi. Mai yanar ido yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya tantance fuska, to in hoton ya tsallaka kafin ya gane wane ne, an bar shi a baya ke nan. Ka ƙirga manyan ƴan wasan ma: 4 ko 5 sun isa, kuma a ce kowa da kamanninsa, wannan mai rawani, wancan mai gemu, waccan mai lulluɓi. Ƴan mata 3 masu kwalliya iri ɗaya, ga Kaka mutum ɗaya ce.

Labarin kuwa, nemi wanda sun san inda zai kwana tun kafin a fara: rikicin kishiyoyi da dattijo ya sasanta, gardamar iyakar gona a gaban mai gari, marowaci da baƙonsa, neman aure da aka bi ta hannun iyaye. Irin wasannin kwaikwayon da su Yazi Dogo suka yi suna da su a nan Damagaram ke nan, waɗanda aka riƙa sawa a rediyo da telebijin na ƙasa. Zaure ɗaya, tabarma, mutane suna magana ɗaya bayan ɗaya da Hausar da su Kaka suka tashi da ita. In ka samu tsofaffin nan wajen masu turi, sun fi sabon fim 10. Haka hotunan hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, da wasan kara, da kokowar takobin ƙasa, wadda aka fara tun 1975. Waɗannan ba su da zaren da zai tsinke. Kaka ta yi barcin minti 5 ta farka, ba ta rasa komai ba, tana ganin lungun Birni za ta soma ba ka tarihin gidajen. Kuma in sun ce a maimaita wanda aka kalla jiya da shekaranjiya, ka maimaita da daɗin rai, sanin abin da zai zo shi ne hutun.

Sai dai ka kula, tafiya a hankali daban, taushi daban. Dubi Shaihu Umar na 1976. Ga natsuwa, ga Hausa tsantsa, amma ya haura awa 2, kuma cikinsa bauta ce da uwa mai ratsa hamada tana neman ɗanta. Tsohuwar da ta binne ƴaƴa, ko take da jika a Libiya da aka daɗe ba a ji muryarsa ba, wannan zai hana ta barci. Duk fim mai makara, ko jinya a gadon asibiti, ko ƴaƴa suna wulaƙanta iyaye, ka auna shi da abin da gidanku ya gani a shekarun nan. In ana cikin kwanakin zaman makoki a dangi ko maƙwabta, telebijin a rufe yake ɗungurum.

Mu ɗauka ka samu wasa mai minti 90 da ya tsallake duk wannan. Kada ka ba su shi a zama ɗaya. Raba shi 3, kusan minti 30 kowane, ka yanke a inda wata magana ta kammala, misali an tashi daga gaban alƙali, ba tsakiyar faɗa ba. Hantsi ya fi, wajen ƙarfe 10, sun karya, rana ba ta yi zafi ba. Bayan azahar lokacin ƙailula ne, bayan la'asar Malam yana da wuridinsa, bayan isha kuwa ido ya riga ya yi nauyi. Da an kira salla ka dakatar, kada ka jira su roƙa. Kashegari kafin ka kunna, tuna masu da baki cikin jimla 2: "Jiya mun tsaya inda mai gari ya ce a kawo shaidu." Ka riƙa rubuta mintin da aka tsaya, don in kuran ya ɗauke kada a koma laluben wuri.

Allon ya kasance daidai tsayin idonsu a yadda suke zama. Mai zama kan tabarma in aka rataye masa telebijin a saman bango, wuyansa zai ƙage cikin minti 15. Nisan mita 2 ya isa ga matsakaicin allo, taga tana gefe, ba bayan allon ba kuma ba tana haska shi ba, ɗakin da ɗan haske. In telebijin ɗin yana da zaɓin sauti irin `Clear Voice`, kunna shi. In ta waya ko kwamfuta kake haɗawa da manhajar kunna bidiyo ta `VLC`, rage saurin zuwa `0.90x`, magana za ta ɗan lafa ba tare da ta lalace ba. Ƙasa da `0.75x` kuwa sai ta koma kamar ta mai maye.

Ba za su ce maka sun gaji ba, don kada ka ji ba daɗi bayan ka kashe kuɗinka. Fuskarsu za ka riƙa duba, ba allon ba. In Kaka ta tambaye ka "wannan kuma wace ce?" har sau 2 a kan mace ɗaya, ko Malam ya cire tabarau yana murza ido, ko sharhin da suke yi wa ƴan wasan ya ɗauke ɗif, to ka ce kai ne za ka je wani aike, a ƙarasa gobe. Ka gaishe min da su, ka ce ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda.