Tambayi Likita: Sai yaushe maganin radiyeshon ke ƙarewa?

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada: Likita an ba mamana aidin mai radiyeshon saboda ciwon maƙoƙo, an ce rabinsa na tafiya a kwana 8, kenan kwana 16 ya ƙare duka?

A'a 'yar uwa, kuma nan ne yawancin mutane ke kuskure. Wannan aidin ɗin, wanda za ki ga an rubuta I-131 a takardar asibiti, duk kwana 8 rabin abin da ya rage ne ke tafiya, ba rabin na farko ba, shi ne muke ce ma haf-layif. Mu ce an ba ta megabekarel 400, wato ma'aunin ƙarfin radiyeshon, bayan kwana 8 saura 200, kwana 16 saura 100, kwana 24 saura 50, haka zai yi ta raguwa. Amma fa wannan lissafin na maganin ne shi kaɗai, jikin Mama kuma yana fitar da shi ta fitsari musamman kwanakin farko, don haka abin da ke jikinta bai kai haka ba. Ta riƙa shan ruwa sosai, kuma don Allah kar jikoki su kwana a jikinta ko mai ciki ta daɗe kusa da ita har kwanakin da likitanta ya ɗiba su cika.

Wani ɗalibi daga Samaru: Idan kwanakin ba su rabu daidai ba fa, kamar kwana 20, ya ake kafa lissafin?

To ɗan uwa, duba abin da muka yi a sama, duk zagaye ɗaya mun ninka da rabi. Yawan zagayen kuwa shi ne lokacin da ya wuce, t, a raba da haf-layif, T. Idan N₀ ne abin da aka fara da shi, N kuma abin da ya rage:

N = N₀ × (1/2)^(t/T)

20 raba 8 ya ba mu 2.5, ka danna 0.5^2.5 a kalkuleta za ka samu kusan 0.177, ka ninka da 400 ka samu kusan 71. Kafin ka yarda da amsar ka auna ta, kwana 20 yana tsakanin 16 da 24 ne, dole ta faɗo tsakanin 100 da 50. In ka ga ta fita daga nan to ka juya t da T ne, ko ka haɗa awa da kwana a lissafi ɗaya, ina yawan ganin wannan wurin ɗalibai.

Wani daga Sabon Gari: An min allurar hoton ƙashi jiya da safe, har yanzu akwai haɗari?

Kwantar da hankalinka malam. Abin da aka saba amfani da shi wani maganin radiyeshon ne mai suna Tc-99m, nasa haf-layif awa 6 ne kawai, awa 24 zagaye 4 kenan, saura kashi 1 cikin 16, fitsari ma ya rage wani. Sai dai in iyalinka na da juna biyu, ka faɗa wa waɗanda suka yi maka hoton.