Yadda ake karanta /ˈkɜːnl/

"Don Allah 'yan uwa, na duba colonel a ƙamus na ga /ˈkɜːnl/. Yaya ake karanta wannan?"

Malam, ka manta da rubutun kalmar tukuna, ka bi alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ɗan layin sama, ˈ, yana nuna gaɓar da za ka ƙarfafa, wato wadda ke biye da shi. Ɗigo biyun nan, ː, jan wasali ne, kamar yadda muke jan "a" na farko a "rana". Shi kuwa ɜ, babu shi a Hausa: saki leɓɓanka, harshe na tsakiyar baki, sauti tsakanin "a" da "e". Ka lura babu "l" a tsakiya, shi ya sa Bahaushe ya ji "kanar".

A sauran alamomin ƙamus kuwa, inda aka fi faɗawa rami shi ne /j/. Sautin "y" ne, duba yes ka ga /jes/. Namu "j" ɗin /dʒ/ ake rubuta shi.