Kayana Sun Yi Kwantai: Ragi, Haɗawa ko Kyauta?

Tambaya: Ina da kaya guda 200 da suka kusa shekara ba su motsa ba. Na saro kowanne a kan 100, ina sayarwa 150. In karya farashi ne, ko in haɗa su da kayan da ke tafiya, ko kuwa in bayar da su kyauta?

Amsa: Malam, kuɗin sari 20,000 sun riga sun fita, kuma babu hanyar da za ta canza wannan, saboda haka abin dubawa shi ne tsabar kuɗin da kowace hanya za ta dawo maka da su.

Ragi yana cin riba fiye da yadda ake zato. Idan ka rage kashi 20 cikin ɗari, farashi ya koma 120, ribar kowanne ta sauko daga 50 zuwa 20, kuma da zarar ragin ya wuce kashi ɗaya bisa uku ka fara taɓa uwar kuɗi. Duk da haka ni ragin nake ba ka shawara, ko da zai kai ka ga faɗuwa. A ce ka sayar da su duka a kan 80: ka karɓi 16,000, ka yi asarar 4,000, amma idan ka zuba kuɗin a kayan da ke kawo ribar kashi 25 cikin ɗari, juyi ɗaya ya isa ya cike giɓin. Sai dai ka yanke wa ragin wa'adi, domin masu saye idan suka saba da ragi, sai su riƙa jiransa.

Haɗawa ce ta fi yaudarar ɗan kasuwa. Ɗauki kaya mai tafiya da ka saro a kan 200 kana sayarwa 260, ka haɗa shi da na kwantai a kan 300. A littafi za ka ga kamar ba riba ba faɗuwa, alhali kuwa mai tafiyar da ma zai kawo 260 shi kaɗai, wato na kwantan 40 kawai ya kawo, rabin 80 ɗin da ragi zai ba ka. Sai farashin haɗin ya haura 340 sannan ya fi ragi amfani. Alamar matsala ita ce cinikin haɗin yana ƙaruwa, na mai tafiyar shi kaɗai yana raguwa daidai gwargwado, domin hakan yana nufin tsofaffin masu sayenka ne kake yi wa rangwame.

Kyauta kuwa alheri ce, amma a lissafi asarar 20,000 ce sukutum, ban da kuɗin dako. Inda dokar ƙasa ta yarda da sassaucin haraji, wani kaso ne kawai ke dawowa, kuma yawanci sai da takardar shaida daga ƙungiya mai rajista. Ta dace da ragowar da wa'adin ragi ya ƙare ba a saya ba, muddin kayan ba su lalace ba.