Maigidana yana shan maganin tarin fuka, amma bai bar giya ba

Tambaya: Maigidana direba ne. Makonni biyar ke nan da aka ɗora shi kan maganin tarin fuka. Tarin ya lafa, sai ya koma shan giyarsa, kwalba biyu da daddare. Ya ce ranar da ya sha ba ya haɗiyar ƙwayoyin don kada su haɗu. Wani mai kemis ya ce in sayo masa maganin wanke hanta. In saya? Daga wata matar aure a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, ki riƙe kuɗinki. Babu wani ruwan kwalba ko ƙwaya da aka tabbatar yana kare hantar mai haɗa giya da wannan magani. Wasu jiƙe-jiƙen ma a cikin barasa ake jiƙa su, haka ƴan ledojin nan masu ɗaci da ake sayarwa a tasha. Ki kashe kuɗin a ƙwai, wake da kifi, tunda shi maganin kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tsallake maganin. Tsarin na wata 6 ne: wata 2 na farko magunguna huɗu a haɗe, sauran wata 4 kuma guda biyu. Tari yakan lafa tun a makonnin farko saboda ƙwayoyin cuta masu saurin hayayyafa sun mutu, amma masu taurin kai suna nan kwance a huhu. Yau a sha, gobe a bari, ciwon sai ya dawo, kuma yana iya dawowa da ƙwayoyin da ba sa jin maganin farko. Daga nan sai magani mai wahalar sha, ga haɗarin ya harbe ki da yaran. Ko ya sha giya jiya, ya haɗiyi maganinsa da safe kamar kullum, muddin babu alamun da zan faɗa miki.

Uku daga cikin magungunan huɗu, wato aisoniyazid, rifamfisin da firazinamid, hanta ce ke sarrafa su, kuma kowanne yana iya kumbura ta. Giya ma hantar ce ke ɗaukar nauyinta. Kwalba ɗaya babba tana da kusan giram 24 na barasa, biyu kuwa sun kusa 48. Bincike ya nuna mai wuce giram 40 a rana haɗarin kamuwarsa da tarin fuka ya ninka kusan sau uku. Dalili kuwa, a cikin huhu akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu shi ne haɗiye ƙwayar cuta su kashe ta, barasa kuma tana sanyaya musu gwiwa. Maganin yana buƙatar jiki ya taya shi yaƙi. Kada ya ce miki zai koma burkutu wai don na dawa ne, barasar ciki iri ɗaya ce.

Ki riƙa duba idanunsa da rana, ba a hasken fitila ba. Fitsari ja-ja kamar ruwan lemo aikin rifamfisin ne, ba abin tsoro ba. Amma in farin ido ya koma rawaya irin na ciwon shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko abinci ya fita ransa gaba ɗaya, ko yana jin ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya dakata da maganin ku tafi asibiti a ranar. Ya kuma rage haɗiyar farasitamol barkatai, ita ma hantar take bi. Idan tafin ƙafarsa yana zafi ko yana mutuwa, ku faɗa, akwai bitamin B6 da ake bayarwa don haka.

Ranar karɓar magani ki bi shi, ya faɗa wa ma'aikacin gaskiyar abin da yake sha. Na san kunya, amma sun saba ji. Ku nemi gwajin hanta da na ciwon hanta nau'in B, da na ƙanjamau in ba a yi ba, domin duk mai tarin fuka ana yi masa. In aka sami ƙanjamau, giyar ta ƙara zama matsala, don maganin ƙanjamau kullum ake shansa, mai tsallake shi kuwa ƙwayar cutar takan sake yawa a jininsa.

Sai abu ɗaya da zai ba ki mamaki daga bakina. In hannunsa yana karkarwa da safe har sai ya kurɓa, ko gumi yana karyo masa ranar da bai sha ba, kada ki zubar da kwalaben ki ce daga yau shi ke nan. Wanda jikinsa ya saba haka, yankewa farat ɗaya tana iya jawo masa jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyu, ko ruɗewa a kwana na uku. Irin wannan likita ne zai tsara masa yadda zai bari. In kuwa babu karkarwar, yakan kwana biyu bai sha ba lafiya lau, to ya ajiye ta tun daren yau, kafin gwajin kaki na ƙarshen wata na biyu.