Hira ta yi tsawo, manhaja ta fara mantuwa: in biya kuɗi ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi ta waya, kuma ina amfani da wata manhajar hira ta kyauta tana rubuta mini talla. Tun ranar farko na gaya mata kada ta sa farashi, ta yi Hausa zalla, ta riƙa faɗin cewa cikin Kano kawai muke kai kaya. Da farko tana bi. Yanzu sati uku a hira ɗaya, ta fara sa farashi, har ta rubuta wai muna kaiwa ko'ina a Najeriya. An ce in na biya kuɗin wata za ta daina. In biya? Daga wata 'yar kasuwa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Akwai gyaran da ba zai ci miki ko kwabo ba, shi za ki fara gwadawa.

Irin waɗannan manhajoji ba sa riƙe magana a ka kamar yaron shago da kika gaya wa abu sau ɗaya ya zauna masa. Duk lokacin da kika tura saƙo, sai a tattaro hirar a sake miƙa wa na'urar ta karanta, sannan ta ba da amsa. Abin da za ta iya karantawa a lokaci guda kuwa yana da iyaka, kamar allon almajiri: in ya cika, sai an wanke kafin a yi sabon rubutu. A shafukan farashin manhajojin za ki ga sun kira wannan allo `context window`. Idan hirar ta fi ƙarfinsa, wasu manhajojin suna yanke tsofaffin saƙonni, wasu suna dunƙule su a taƙaice. Ko wanne aka yi, maganar farko ce ke fara shan wahala, kuma a can kika ajiye dokokinki uku. Ke kina ganinsu in kin ja hirar sama, amma ba lallai ne su kai gaban na'urar ba.

Ana auna allon ne da tokin, wato gutsuren kalma. A Turanci tokin ɗari yana ɗaukar kalma kamar 75. Hausa ta fi cin wuri, domin an fi horar da na'urorin da Turanci, sai su daddatsa kalmominmu gunduwa-gunduwa, musamman masu ƙ da ɗ da ɓ. Mu ɗauka kowace kalma tana cin tokin biyu, don mu samu abin lissafi. Kin rubuta kalma 60, ta mayar miki da 200, kalma 260 ke nan, tokin 520. In kina yin talla goma a rana, kin ci 5,200. A sati uku kin haura 109,000, ban da hotunan atamfa da kike turawa, su ma suna da nasu rabon. Allo mai tokin 32,000 tun a kwana na bakwai ya cika.

To, babban allo fa? Gaskiya ne an samu ci gaba sosai. Lokacin da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, allonsa tokin 4,000 ne da 'yan kai. A Nuwamba 2023 GPT-4 Turbo, na kamfanin da ya yi ChatGPT, ya zo da 128,000, a 2024 kuma Gemini 1.5 Pro na Google ya kai miliyan ɗaya. Tsarin biya yakan ba da allo mafi girma da na'ura mafi ƙarfi. Sai dai a yadda kike aiki, 128,000 ɗin ma kwana 25 ne ya cika. Sannan shiga allo daban, a kula da magana daban. A 2023 wasu masu bincike, ciki har da na Jami'ar Stanford, sun gwada ɓoye amsa a wurare daban-daban cikin dogon rubutu, suka ga na'urorin sun fi kama abin da ke farko da ƙarshe, na tsakiya kuwa yakan kuɓuce musu. Saboda haka gyaran da kika yi a kwana na takwas, misali "a daina cewa leshin Suwizalan ne", yana iya nutsewa ko da ba a yanke shi ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna a lamarinki. Ranar da ta fara sa farashi, in kin goge shi da hannunki a WhatsApp ba ki ce mata komai ba, tallan mai kuskure yana nan cikin hirar, kusa da ƙarshe, inda ta fi dubawa. Gobe sai ta kwaikwaye shi. Haka kuskure ɗaya yake zama ɗabi'a, kuma ke ce za ki sha kunya ranar da wata ta turo kuɗi daga Fatakwal tana jiran kaya.

Ga abin da za ki yi. Ki rubuta dokokinki a wuri ɗaya cikin wayarki, gajeru, kowace a layinta, kada su wuce biyar ko shida:

```
Dokokin talla:
1. Hausa zalla, da ƙ ɗ ɓ.
2. Babu farashi. A ce: a tuntuɓe mu.
3. Kai kaya: cikin Kano kawai.
4. Kada ya wuce kalma 80.
```

Ki buɗe sabuwar hira da `New chat`, ki liƙa su a farko, ki haɗa da talla ɗaya da kika yarda da shi a matsayin samfuri. Samfurin nan yana aiki fiye da dogon bayani. Bayan kowane talla biyar ko shida ki sake liƙa dokokin a ƙasan saƙonki, domin su dawo ƙarshen allo. Kada ki ce mata "ki tuna abin da na faɗa a baya"; in an riga an wanke wurin, babu abin tunawa, sai ta yi miki shaci-faɗi. Ki maimaita dokar da kalmominta. Kashegari, ko in kin sauya daga atamfa zuwa leshi, sabuwar hira kuma.

In kina son ki san ko hirar da kike ciki ta gaji, ki nemi ta jero miki dokokin da kika ba ta a saƙon farko, kalma da kalma. Idan ta tsallake ɗaya, ko ta kawo wadda ba ki taɓa faɗa ba, ki rufe hirar, kada ki tsaya gardama da ita, don gardamar ma wuri take ci.

Ki kuma leƙa saitin manhajar. Da yawa suna da gurbin umarni na dindindin. A ChatGPT sunansa `Custom instructions`, a manhajar Claude da ChatGPT kuma akwai `Projects`, wanda umarninsa ke aiki a hirarrakin da kika buɗe a cikinsa kawai. Abin da kika rubuta a nan ana haɗa shi da kowace hira, ba ya cikin tsofaffin saƙonnin da ake yankewa. Dokar Kano da ta farashi a nan ya kamata su zauna. Jerin kayan da ke shago kuwa, tunda yana sauyawa kullum, ki riƙa kawo sabo a kowace hira.

Wanda biya ya dace da shi, shi ne mai buƙatar a karanta masa abu mai tsawo a zama ɗaya, kamar ɗalibin da zai sa kundin bincikensa mai shafi ɗari, ko mai fassarar littafi da ke son sunaye su tsaya daidai daga babin farko zuwa na ƙarshe. Naki tallan kalma 80 ne. Ki gwada wannan tsari sati biyu. In har da sabuwar hira da dokoki a gabanta tana karya su, ko Hausarta tana fita a karkace, to matsalar ƙarfin na'urar ce, kuma a nan za ki iya biyan wata ɗaya ki gwada da tallan nan guda, kafin ki bari su riƙa cire miki kuɗi duk wata.