Hukuncin janyewa daga gurbin karatu bayan an karɓi wani a wata ƙasa

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Daga Samaru nake, na gama digirin farko a Jami'ar Ahmadu Bello. A watan Afrilu wata jami'a a Maleshiya ta ba ni gurbin digiri na biyu da tallafi, na sa hannu na amsa. A Yuni sai tallafin Turkiyya ya fito, na karɓa domin ya fi dacewa da fannina. Na saɓa alkawari ke nan? Abokaina sun ce in yi shiru in riƙe na Maleshiya har bizar Turkiyya ta fito.

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗana, janyewarka ta halatta, amma shirun da abokanka suka ba ka shawara bai halatta ba.

Fara komawa ga takardar da ka sa wa hannu. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika ƙulle-ƙullen da kuka ƙulla, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Idan takardar ta faɗi yadda ake janyewa, wanda ya bi wannan hanya bai warware komai ba, haƙƙin da suka ba shi ya yi amfani da shi. Hadisin da ya lissafa saɓa alkawari cikin alamomin munafuki, malamai da yawa sun ɗauke shi a kan wanda ya yi alkawari alhali ya ƙudurta ba zai cika ba. Kai kuwa a Afrilu da niyyar tafiya ka amsa.

Idan takardar ba ta ce komai ba, sai mu koma ga mazhabarmu. Mashhurin zancen Malikiyya shi ne alkawari yana zama dole idan an rataya shi ga wani sababi, kuma wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya saboda shi. Misalin da suke bayarwa: ka ce wa mutum ya rushe gidansa za ka ranta masa kuɗin gini, ya rushe, to ba ka da damar zamewa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta ɗauki wannan ra'ayi a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce a cika alkawarin ko a biya asarar da ta auku a zahiri. Tilasta maka zama a ajin da ba ka so ba shi da amfani ga kowa, saboda haka abin da ya rage shi ne biyan asarar.

To me suka kashe a kanka? A Maleshiya jami'a takan shigar da neman izinin zaman ɗalibi ta hukumar EMGS mai kula da takardun ɗaliban ƙasashen waje. Idan su suka biya kuɗin wannan, ko suka saya maka tikiti, ko suka turo alawus, ka tambaye su ka mayar, sai in sun yafe. Alawus ɗin musamman, an ba ka ne da sharaɗin karatu a can, sharaɗi ya faɗi, kuɗin ba naka ba ne. Kuɗin kama gurbi da ka biya daga aljihunka, idan an rubuta ba a mayarwa, ka haƙura da shi.

Batun shirun ne ya fi damuna. Irin wannan tallafi yakan zo da jerin masu jiran gado. In ka sanar a Yuni, ana iya kiran na bayanka ya samu lokacin neman biza. In ka bari sai ana gab da buɗe zango, ko an kira shi ba zai kai ba, gurbin ya tafi a banza, malamin da ya ware maka wuri ya rasa ɗalibi. Manzon Allah ya ce babu cuta babu cutarwa, Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Kar kuma ka manta da malamanka da suka rubuta maka takardar shaida. Gobe za su rubuta wa ƙannenka, kuma sunansu za a duba.

Na san tsoronka, kada a yi biyu babu. Mafitar ita ce ka faɗa musu gaskiya: ka karɓi wani gurbi, kana jiran biza, ko za su ɗaga maka ƙafa zuwa rana kaza, ko su jinkirta maka zuwa zango mai zuwa? In sun yarda, riƙewar ta halatta. In sun ƙi, ko ɗaya daga takardun biyu ta hana haɗa tallafi biyu, dole ka zaɓa yanzu.

In ka yanke janyewa, ka rubuta a makon nan zuwa ofishin karatun gaba da digiri na jami'ar Maleshiya, da kwafi ga malamin da zai duba aikinka. Ka sa lambar takardarka, ka yi godiya, ka faɗa a fili ka janye, ka tambayi abin da ake bin ka, ka ajiye amsarsu. Kada ka ƙirƙiro rashin lafiya ko rasuwa don neman uzuri. Babu kaffara a kanka sai idan ka rantse da Allah za ka je, a nan sai ka ciyar da miskinai 10 ko ka tufatar da su, in ba hali ka yi azumin kwana 3.

Wallahu a'alam.