Kason gadona ya shigo, wayata ta daina hutawa

Tambaya: "An raba gadon mahaifinmu, kasona ya shigo hannuna. Tun ranar kowa da abin da yake kawo mini, wannan rance, wancan jari. Me zan yi da kuɗin?"

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ni ma na bi ta nan.

Nawa kason miliyan 4 ne. Ko sati biyu ba a yi ba mijin ƙanwar mahaifiyata ya zo har ɗaki, ya zauna yana ta yi wa mamaci addu'a, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya ce in ba shi miliyan 2 ya juya mini, duk wata zai ba ni ribar 200,000. Ban nemi takarda ba, ban kira shaida ba, wai ina jin nauyinsa. Wata uku yana kawowa cif. Ranar da na ce ina son rabin uwar kuɗin, sai ya ce kaya suna hanya. A hanyar suke har yau. Da na matsa, a gaban dangi ya ce ai kyauta na ba shi, kuma ni aka ce in ba shi haƙuri. Ni! Har yanzu in muka haɗu shi ke fara ɗauke kai.

Daga baya na zauna na yi lissafi. Ashe 600,000 ɗin da nake murna a kai, daga cikin kuɗina yake gutsuro mini, ya riƙe miliyan 1 da 400,000. Kashi 10 cikin ɗari duk wata, a shekara kashi 120 ke nan. Wace sana'a ce ke kawo haka, babu watan faɗuwa? Duk wanda ya yanka miki riba tsayayya, gwada shi da neman uwar kuɗin, nan za ki gane.

Ki buɗe asusu daban wanda ba shi da kati, ki zuba su, ki yi wata uku ba ki taɓa ba. Mai makoki ba ya lissafi daidai. In ana binki bashi, shi kaɗai za ki fitar ki biya. Sannan ki ware abin da zai riƙe gidanki wata shida.

Masu rance kuwa, ki cire abin da za ki iya rasawa, ki raba a matsayin kyauta, in ya ƙare ki ce ya ƙare. Rancen dangi da wuya ya dawo, sai dai ya tafi da zumuncin. Kuma don Allah ki daina faɗin adadin.

Af, in sun kai nisabi suka shekara a hannunki, akwai zakka, kashi 2.5 cikin ɗari. Ni sai da yayana ya tuna mini.